Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Rajistar Haihuwa da Mutuwa: takarda ɗaya ba ta isar magada

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ba zan ja ka da nisa ba, maganata a kan takardar shaidar mutuwa ce, da kwafi guda ɗaya tak da ofisoshinku ke miƙa wa iyalan mamaci su sallame su ba tare da wani bayani ba.

Mahaifinmu ya rasu wata bakwai da suka wuce, Allah ya jiƙansa, kuma ni ne babba don haka ni aka ɗora wa yawon takardu. A asibiti likita ya ba mu takarda mai ɗauke da sunansa da ranar da ya cika da ciwon da ya yi ajalinsa, na ɗauka shike nan ita ce takardar. Sai da na kai banki wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta ce wannan ta likita ce, aikinta faɗin sanadin mutuwa, da ita ake zuwa wajenku a yi rajista, ku shigar da rasuwar a kundi sannan ku ba da satifiket. Na je, na yi layi, aka ba ni guda ɗaya. Na tambayi ma'aikacin ko ita kaɗai ce, ya ce in je in yi fotokofi.

Wannan kalmar tasa ita ta cinye mana wata biyu, wallahi.

Ni fa ban ga laifin banki ba, kuma gara in faɗa tun da wuri. Daga ranar da mutum ya rasu kuɗin da ke akawun ɗinsa sun tashi daga nasa sun zama na magada da masu bin sa bashi, shi ya sa da zarar banki ya samu labari yake rufe akawun ɗin, duk wani izini da mamacin ya ba wani na cire kuɗi ya mutu tare da shi. Ƙanina ma ya so mu yi amfani da katin Baba tunda mun san lambar sirrin, na hana, don cire kuɗi da katin mamaci kan iya zama laifi kuma shi ne mafarin rigimar 'yan'uwa. To banki ba zai saki kuɗi don wani ya shigo da hawaye ya ce ubana ya rasu ba, idan ya biya wanda bai cancanta ba shi zai sake biya daga aljihunsa. Sai ya ga shaidar hukuma cewa mutumin nan ya mutu, sannan ya ga takardar kotu da ta ce ga wanda aka ba ikon tattara dukiyar. Ita kuma kotu ba ta buɗe fayil ɗin gado sai da takardarku. Kuma ranar da ke jikinta ba ado ba ce, da ita ake sanin wa ke raye a lokacin da mamaci ya cika, idan uba da ɗa suka rasu kwana biyu tsakani, wanda ya riga wani na iya sauya rabon gaba ɗaya.

Kenan komai a kan takardarku yake tsaye. Yanzu ka ƙirga min wuraren da suka neme ta a wajenmu: kotu, bankuna biyu, ofishin fansho, kamfanin inshora, da wajen sauya sunan takardar gida. Wuri 6, takarda 1. Kotu ta karɓi ta asalin ta saka a fayil ta ce sai an gama dubawa, na ɗauki fotokofi na kai bankin farko suka ce ba sa karɓa, na biyu ma haka, kuma suna da gaskiya, don takardar da ta fito daga injin kwafi kowa na iya goge suna ya sa wani, babu hatimin da za a shafa a ji, babu sa hannun da aka yi da biro. Duk wannan lokacin mahaifiyarmu na zaune, kuɗin maganinta na cikin akawun ɗin da ba ya taɓuwa.

Wani lauya ne daga baya ya warware min abin da ya kamata in ji a teburinku tun ranar farko. Ya ce kwafin da aka tabbatar iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ku da kanku kuke fitarwa daga kundin rajista, mai lambar shigarwa da hatimi da sa hannun jami'i da ranar da aka ba da shi, wannan ƙarfinsa ɗaya da wanda aka fara ba ka, don ainihin shaidar ai tana cikin kundinku, takardun duk daga can ake ɗebo su, shi ya sa mutum zai iya neman biyar ko goma. Na biyu shi ne fotokofin da lauya ko wani jami'i mai izini zai ɗora kusa da ta asalin ya duba, ya buga sitamfi ya sa hannu cewa ya ga asalin kuma daidai suke. Wannan yana aiki a wasu wuraren, wasu kuma sai na hukuma suke karɓa. Kuma ka lura, na biyun ba ya yiwuwa sai ta asalin na hannunka, tawa kuwa tana kulle a fayil ɗin kotu. Ka ga inda na maƙale.

Na koma ofishinku neman kwafin hukuma. Zuwan farko aka ce mai sa hannu ba ya nan, na biyu aka ce in kawo ta asalin, wadda rashinta ne ya kawo ni, sai a na huɗu na samu, bayan wata baiwar Allah ta tashi da kanta ta ɗauko kundin ta nemo lambar. Minti ashirin bai cika ba ta gama.

Ranka ya daɗe, ku ne kuke ta kira a riƙa yin rajistar mutuwa, kuna cewa an sauƙaƙa kuma takardar za ta taimaki iyali wajen gado. Mun amsa kiran, to ina sauƙin? Don Allah ka tausaya, mutumin da ya zo teburin nan bai daɗe da binne nasa ba, bai san kotu ba bai san banki ba, duk abin da aka ce masa shi zai yi.

Roƙona ba mai tsada ba ne. A sa kowane ma'aikaci ya tambayi mai rajista kwafi nawa yake so tun a ranar, a kuma gaya masa ya ƙirga bankuna da ofisoshin da mamacin ke hulɗa da su ya ƙara ɗaya na ajiya. A liƙa a bango yadda ake neman ƙarin kwafi, da kwana nawa yake ɗauka, da cewa lambar rajista ko cikakken suna da ranar rasuwa sun isa a nemo. A kuma karanta wa mutum sunan kafin a buga, a gwada da wanda ke katin shaidar mamacin, don harafi ɗaya idan ya bambanta da na banki wata sabuwar tafiyar ce. Sai maganar laminetin, mutane na yi don kare takardar ba su san wasu wuraren na ƙin karɓa ba saboda ba a iya duba hatimin, wannan ma layi ɗaya ne a bango.

Mu dai namu ya kusa ƙarewa, bankin farko ya saki kuɗin, saura na biyu da fansho. Ina jiran in ga sanarwar nan a bangon ofishinku ranar da zan koma karɓar kwafi na ƙarshe.

Naka,
Wani magaji