Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu bandar kifi, Mai Wurno, Sudan

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Rahoton bana ya makara da sati uku, na sani, amma littafin kuɗi sai shekaranjiya ya iso hannuna saboda ma'aji ya tsaya jiran wasu da suka ce za su biya, kuma har yau shiru.

Tarukan wata mun yi tara cikin sha biyu, uku ruwan damina ya hana.

Kuɗin wata kuwa, mu 64 ne a rajista, waɗanda suka biya na shekara cif 23 ne, 15 sun biya rabi, sauran ko jine ɗaya. Na bi gida gida har na fara jin kunyar sallama, wani ya ce in dawo bayan kasuwar Sinnar, wani ya ce waya ba netwok, alhali a gabana yake karɓar kuɗin kifi ta manhajar banki ta Bankak. Na san halin da ƙasa take ciki tun 2023, ba wanda bai taɓu ba, kuma wanda ya zo ya ce ba shi da shi mun ɗaga masa ba tare da kowa ya ji ba. Wanda yake min ciwo shi ne mai shi a hannu, da zai zo aron sikelin ƙungiya da safe ya ɓuya mana da yamma.

Shi ya sa murhun laka mai tire hawa hawa da muka yi alkawari bara bai kammalu ba. Gini ya tashi, an yaɓe, amma ragar waya da katakon tire ba mu saya ba, kuɗin da muka ware musu a farkon shekara yanzu rabin ragar ma ba zai kawo ba. Masu cewa kwamiti ya ci kuɗi, littafi yana wurin ma'aji, ƙofarsa a buɗe take. Ɗakin ajiya ma haka, bulo yana nan a jibge, rufi ne babu.

To yanzu abin da ya faranta min rai a shekarar nan, wato ranar awo.

Kun san rigimar da muka daɗe muna yi, kowa na sayar da busasshe yadda ya ga dama, wannan ya ce kilo 9,000 wancan 12,000, dillali ya zagaya ya saya wurin mai araha, daga baya mu zauna muna cewa sana'a ba albarka. Sai iyayenmu mata suka kawo shawara a daina musu da baki, a sayi kifi da kuɗin ƙungiya a banda shi a gaban kowa, komai a ɗora a sikeli a rubuta. Haka aka yi bayan ruwa ya janye, kwana biyu da dare ɗaya, kuma wallahi ban taɓa ganin taronmu ya cika haka ba, har waɗanda ba 'yan ƙungiya ba sun zo sun tsaya, yara na riƙe da fitila, Baba Sarkin Ruwa da kansa ya zauna gaban sikeli don kada wani ya ce an yi coge. Zan rubuto lissafin duka saboda waɗanda ba su zo ba, farashin na wannan ranar ne, kun san jine ba ya kwana inda ya wuni.

Mun sayi tarwaɗa, garmuɗ ɗin nan matsakaita, kilo 100 a bakin ruwa, kilo ɗaya jine 3,000, ya kama 300,000. Da aka farke ciki aka cire hanji aka wanke yauƙin da gishiri, aka bari ya tsane, sikeli ya nuna 88. Tun ba a kunna wuta ba kilo 12 ya tafi kenan. Aka lanƙwasa aka jera a raga, wutar farko mai ɗan ƙarfi don ya dahu, a nan ruwa da mai suke ta ɗiga. Da yamma muka sauke muka auna, 45. A wannan matakin kifi ya yi ja ya yi kyau, ƙamshi ya cika unguwa, wanda bai sani ba zai ce an gama. Ba a gama ba, ka matsa tsokar bayan kai za ka ji ta da taushi, ruwa na ciki. Aka mayar kan wuta a hankali, ana juyawa ana sauya na sama ya koma ƙasa, har washegari da la'asar. Awo na ƙarshe kilo 30.

Wasu sun yi salati da suka ga 30, amma ba abin mamaki ba ne, ɗanyen kifi kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa ruwa ne, mu kuma aikinmu korar ruwan nan. Jine 300,000 ɗinmu dai bai bi hayaƙi ba, yana nan kwance a kan kilo 30, wato kowane kilo na busasshe ya ci 10,000 na kifi zalla, ba gawayi ba lada ba komai. Mai sayarwa 9,000 saboda wai ya ninka kuɗin ɗanye sau uku, kuɗin kifinsa ma bai mayar ba.

Sai sauran kashe kashe. Gawayi shawal, wato buhu, ɗaya da rabi, 30,000. Itacen bagaruwa 10,000, domin gawayi zafi yake bayarwa, launi da ƙamshi sai an ɗan sa ice. Gishiri 5,000. Raksha daga bakin ruwa da kuma kai wa kasuwa 15,000. Kwali da igiya 5,000. Mun kuma sa 5,000 na cin raga da durom, don raga tana tsatsa tana ƙonewa, ranar da ta mutu daga aljihu za a sayi wata. Lada: mata biyu masu gyara 20,000, mai tsaron wuta kwana biyu da dare 30,000.

A kan ladan nan aka fi jayayya. Wata daga cikin iyayenmu ta ce, ni da 'ya'yana muke yi, wa zan biya? Hajiya shugabar mata ta amsa mata da cewa, Yaya, ranar da kika kwanta ciwo wadda za ki kira ta tsaya miki kyauta za ta yi? Aka yi shiru. Gaskiya kenan, hayaƙin da yake cin idonmu da daren da ba mu runtsa ba, in ba mu sa su a lissafi ba dillali muka yi wa aikin kyauta. Ko kai ka yi da hannunka, rubuta abin da za ka ba wani.

Duka ya tashi 420,000. A raba da 30, kilo ya tsaya mana 14,000.

Amma ba mu tsaya nan ba, Baba Sarkin Ruwa ya ce a ajiye kwalayen sati ɗaya a sake aunawa, tunda ba wanda yake sayar da kaya ranar da ya sauke. Bayan sati, kifin da za a iya ɗagawa a nuna wa mai saye kilo 28 ne. Kilo ɗaya iska ta ƙara sha, ɗaya kuma ya zama ɓarɓashi a gindin kwali, wanda sai dai a sayar da shi a kuɗin banza ko a kai gida a yi miya. 420,000 a raba da 28, jine 15,000 daidai. Wannan shi ne uwar kuɗi, riba ba ta shigo ba tukuna. Wanda ya sayar da wannan kaya 12,000 zai karɓi 336,000 ya koma gida yana murna da damin kuɗi, alhali ya yi asarar 84,000 bai sani ba, sai ya je sayen ɗanye ya ga kuɗin ba ya kawo abin da ya kawo wancan karon.

Abin da ni kaina na koya ranar, kullum kukanmu gawayi ya yi tsada, to ashe gawayi da ice duka ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba. Ko gawayi ya ninka, abin da zai ƙaru a kilo ɗaya na busasshe bai fi dubu da 'yan kai ba. Amma ɗanye ya ƙaru da 500 kacal, busasshe ya hau da kusan 1,800, saboda kilo uku da rabi da ɗoriya ne suke haɗuwa su ba ka kilo ɗaya. Don haka cinikin bakin ruwa shi ne inda ake ci ko a faɗi, ba wurin mai gawayi ba.

Mun kuma gane sirrin masu karya farashi. In ka sauke a 45 ɗin nan, ka rage gawayi ka rage dare, kilo bai kai maka 9,000 ba, ka sayar 12,000 ka ci riba. Ba haramun ba ne in a nan gari za a cinye shi a kwana biyu uku kuma ka faɗa wa mai saye. Amma a cusa shi a kwali a ce busasshe ne a tura Gadarif ko Madani, kafin ya isa ya yi fumfuna, tsutsa ta shiga ta kai, sai sunan kifin Mai Wurno gaba ɗaya ya ɓaci. Gane shi ba wuya, busasshe na gaskiya ba nauyi a hannu, ka haɗa biyu ka buga za ka ji ƙwas ƙwas, ka ɓare wurin kauri ba danshi, ka shinshina cikin kai ba tsami. Wanda aka yi wa wuta da yawa da farko kuma baya ya yi baƙi ya ƙone ciki da ruwa, shi ma yana ruɗin ido.

Kada wani ya ɗauki 30 ɗin nan ya ce ko wane kifi haka yake. Tarwaɗa mai kitse daban, ramammiya daban, manya da ba a yanka gunduwa ba sun fi cin wuta, karfasa kuma ga ɓawo ga ƙaya ga saurin karyewa, dole a yi mata nata awon. Kajek da ake shanyawa a rana ba gawayi a cikinsa, nasa lissafin daban ne, kada a haɗa. Mun so mu yi na karfasa a bana, kuɗin sayen kifin ne babu, dalilin kuwa na faɗe shi a sama.

Matsayar da aka ɗauka a taron da ya biyo baya, a farashin wancan lokacin kada ɗan ƙungiya ya sayar da busasshiyar tarwaɗa ƙasa da 17,000, in ɗanye ya motsa a sake lissafi. Kayan ƙungiya haka muka sayar, 476,000, ribar 56,000 ta shiga asusu, ita ce ma za mu fara sayen raga da ita. Masu riƙe da matsayar nan sun ce sati biyun farko dillalai sun yi fushi sun wuce, daga baya suka dawo don kayan ba ya lalacewa a hanya. Amma na ji mutum huɗu ko biyar har yanzu suna zagayawa ta baya suna bayarwa 13,000, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba su zo ranar awo ba, ba su biya kuɗin wata ba. Ban kira suna ba a nan, a taro mai zuwa kwamiti zai kira.

Sikeli daga yanzu sai mai rasit na wata uku na ƙarshe zai ɗauka. Taro Juma'ar farko ta wata bayan la'asar a inda muka saba, kowa ya zo da littafinsa na sayen ɗanye da kuɗin da ake binsa, masu son a yi awon karfasa su ba ma'aji sunansu kafin ranar.

Sakataren ƙungiya