Sanarwa ga masu kemis: a shirya wa ƴan dubagari

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Kowa ya duba lasisinsa na PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, yau. Na shekara guda ne, kuma ƙarshen Disamba yake ƙarewa. A maƙala shi a bango inda ido zai gani, rasidin sabuntawa kuma yana kusa, don shi za ka nuna idan sabon bai fito ba.

Wani ɗan'uwanmu ya koma shagon tsallaken titi da tsohon lasisinsa, aka zo aka garƙame masa ƙofa. Lasisi na adireshin da ke jikinsa ne kawai.

A adana rasidan sari, a tabbata kowane kwali na da lambar NAFDAC. Wanda ya lalace a sauke shi daga kanta. Allura kuwa, Alhaji, ba hurumin mai ƙaramin kemis ba ce.