A riƙa rubuta ma'aunin ƙarin haya a cikin takarda

Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon atamfa a Garoua da ke ƙasar Kamaru, kuma a bara na sa hannu a takardar haya da ta ce za a riƙa ƙara kuɗi duk shekara "gwargwadon tsadar rayuwa". Da shekara ta zagayo, mai shagon ya ɗora mini saifa dubu 100, ya ce ai buhun shinkafa ma ya tashi. Na rasa bakin magana, domin da hannuna na amince.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana fitar da ma'aunin farashin kayan masarufi, kuma da shi ya kamata a yi lissafi. Ana ninka tsohuwar haya da sabon adadi, a raba da tsohon. Misali kawai: haya dubu 600 ce, ma'auni ya tashi daga 110 zuwa 115.5. Ninka dubu 600 da 115.5, ka raba da 110, za ka samu dubu 630. Ƙarin kashi 5 cikin ɗari ke nan. Wanda ya ɗauki tazarar maki 5.5 a matsayin kashi 5.5 zai caji dubu 633, kuma nan mutane da dama suke tuntuɓe.

Roƙona ga 'yan'uwa masu haya: a rubuta ko ma'aunin ƙasa ne ko na gari, a kuma kwatanta wata ɗaya a shekarun biyu, Janairu da Janairu. A tawa sabuwar takardar na sa an ƙara cewa idan ma'auni ya sauka, haya ma ta sauka.

Wani ɗan kasuwa, Garoua