Ga masu tafiya Umra karon farko, batun ɗan karnen kalmomi

Salamu alaikum ƴan uwa, Alhazai da Hajiyoyi, da fatan kowa ya tashi lafiya. Kafin mu bar Damagaram don Allah kowa ya sayi ɗan karne mai shiga aljihu, waya tana iya mutuwa ba caji a tsakiyar kasuwa.

Ku rubuta kalma yadda kunne ke jin ta, ba Larabcin allo ba, don na titi daban ne. Ruwa can "moya" suke cewa, ni tafiyata ta farko sai da na yi ta nuna baki da hannu kamar bebe. Wajen mota "wen" shi ne ina, sai ka ƙara sunan wurin, wen Haram, wen hammam wato bayi.

Wajen kuɗi ne aka fi shan wuya. "Bikam" nawa ne, "gali" ya yi tsada, kuma ku manta da lissafinmu na dala, in ya ce hamsin to riyal 50 ne cur, ba a ninkawa biyar. Sannan hamstash 15 ne, ni da kaina na taɓa ba mai taksi 50 a kan 15 bai ce uffan ba. Gara ka ce "uktub" ya rubuta, amma a lura, biyar ɗinsu ٥ kamar sifili take, sifilin kuma ɗigo ne kawai.

Shafin farko a sa "sa'idni", taimake ni, da sunan otel ɗinka a rubuce da Larabci, ka roƙi na wurin karɓar baƙi ya rubuta maka ranar da ka sauka.