Auta, a kan amsar da kika ba matar leshin nan

Assalamu alaikum Auta, ya gida ya kasuwa? Na ga hirarku da matar Kaduna da kika turo min kina cewa in duba irin wulaƙancin da ta miki. Na duba, kuma gaskiya ta yi zafi, amma amsarki ce ta fi damuna.

Ta ce ta yi odar leshi yadi biyar ruwan hoda, wanda ya iso ya fi karkata zuwa ruwan goro, ga biki ranar Asabar. Ke kuma kika rubuta: "Ai hoton da kika zaɓa shi na turo, ni ban taɓa samun wannan matsalar da kowa ba, kuma tun farko na rubuta ba a dawo da kaya." Mu ɗauka duka gaskiya ne. To amma sake karantawa, a ciki akwai wurin da kika gaya mata yadda za ta yi da bikinta? Babu. Kanki kawai kika wanke. Cewa ba ki taɓa samun matsala da kowa ba kuwa, a kunnenta daidai yake da kin ce ƙarya take yi, shi ya sa ta dawo miki da saƙon murya mai tsawo har da cewa za ta saka ki a status.

Ki lura anko ne fa. Matar nan ba kuɗin ne ya tayar mata da hankali ba, tunanin ta shiga cikin ƙawayen amarya kalarta daban shi ne, ga tela da zai ce lokaci ya ƙure. Wannan za ki fara taɓawa kafin komai. Da ni ce ga abin da zan tura:

"Hajiya ki yi haƙuri, ban ji daɗi ba, balle ga biki ya matso. Dan Allah ki ɗaukar min hotonsa a waje cikin hasken rana, in da hali kusa da na wata da ta yi ankon. In kalar ta saɓa, gobe Alhamis da safe zan shiga Kwari in nemo daidai, in turo miki bidiyo ki gani da idonki kafin in ba direba, in sha Allah ya iso miki da yamma. Kuɗin mota ni zan biya. Kada dai a kai wa tela ya yanka. In ban samu ba zan gaya miki kafin azahar in mayar miki da kuɗinki."

Kin ga ban ce laifina ne ba, ban kuma ce nata ne ba, don har yanzu ba mu sani ba. Fitilar shago tana canza kalar yadi a hoto, musamman masu sheƙi, waya ma kowacce da yadda take nuna kala, kuma yana yiwuwa yaron shagon ne ya ɗauko na kusa da shi. Hoton hasken rana shi zai raba gardama ba tare da kin ce mata komai ba. Bayanin fitila da waya kuwa ki ajiye shi sai ta huce, in kika fara da shi uzuri za ta ji.

Sai maganar lokaci, nan ne mutane da yawa ke ɓatawa. "Za mu duba" ba amsa ba ce wa mai biki jibi-jibi. Ki faɗi rana, ki faɗi kafin azahar ko kafin la'asar, kuma in lokacin ya yi ke ki fara magana ko da ba ki samu kayan ba, kada ki bari ita ta neme ki.

Ban ce ki zama mai yarda da komai ba. Da ta riga ta yanka leshin, ba mai karɓarsa a kasuwa, sai ki gaya mata a fili ba zai dawo ba, amma ki haɗa da abin da za ki iya: ki nemo mata daidai ɗin ba tare da kin ɗora riba ba. Kuma kada tausayi ya sa ki yi alkawarin da ba ki da ikon cikawa, in mota ba za ta isa ranar ba ki faɗa.

Yanzu tunda kin riga kin tura na farkon, kada ki goge shi, ta gani. Ki ce "Hajiya amsar da na ba ki ɗazu ba ta dace ba, ki yi haƙuri", sannan ki ɗora sauran. Ki tura yau kafin magariba saboda telanta, in kina son in raka ki Kwari goben ki kira ni da dare.

Allah ya yi miki albarka, ya sa wa kasuwarki albarka. Ki gaida maigidan.

Ummanki