Godiya ga ma'aikatan sashen allurar barci

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan sashen allurar barci na asibitin gwamnati da aka cire mini matsarmama a nan Kano, musamman wata sista da ke kula da ɗakin farfaɗowa. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Bayanin da aka yi mini kan ciwon maƙogwaro ne ya sa.

Dalili kuwa, na ga abin da ya sami mahaifiyata bara a wani asibitin kuɗi. Ta farka daga tiyata murya a dishe, yawu ma da ƙyar take haɗiyewa. Muka tambayi nas, ta ce "zai wuce", ta yi gaba. Hajiya ta tsorata, ta ɗauka an yanke mata wani abu a wuya. Ƙanena ya je kemis aka haɗo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta sha na banza, domin ciwon ba ƙwayar cuta ta kawo shi ba. Kuɗin gado mun biya ba ragi, amma bayanin minti biyu ya gagara.

Ni kuwa tun ana gobe aiki likitan barci ya zo bakin gadona ya gaya mini cewa idan barci ya ɗauke ni za su zura bututun roba ta baki, ya ratsa tsakanin jijiyoyin murya ya shiga hanyar iska, na'ura ta riƙa yi mini numfashi. A ƙarshen bututun akwai ɗan balan-balan da ake hurawa ya toshe gefe, don kada abin ciki ya gangara huhu. Gogar bututun, da matsin balan-balan ɗin, da bushewar maƙoshi saboda an hana mutum ci da sha, su ke jawo ciwon. Ya ce ya fi kama mata, da waɗanda aikinsu ya daɗe.

Da na farfaɗo kuwa sai ga shi, kamar na haɗiyi ƙayar kifi. Sistar nan ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Hajiya, yau da gobe ne zai fi damun ki. Yawanci kwana 2 zuwa 3 ya lafa, wani kuma ya kai mako." Ta hana ni shan komai sai da likita ya ba da izini, sannan ta ce in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, akai-akai. Da aka bar ni in ci abinci ta ce in fara da kunu ko koko mai ɗumi, ba mai zafi ba, in sa zuma a ruwan ɗumi, in kuma haƙura da yaji tukuna. Ta nuna wa 'yata yadda za ta haɗa mini ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi guda na ruwan ɗumi, in kurkure maƙogwaro in zubar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta hana ni yin raɗa. Ashe raɗa tana gajiyar da jijiyoyin murya, haka ma yawan gyaran murya. Ta ce in rage surutu, in kuma ya kama in yi magana, in yi ta a hankali da muryata ta kullum. Da ta ga 'yan dubiya sun cika ɗaki, ita da kanta ta ba su haƙuri. Ta kuma ja kunnen 'yata kan turaren wuta da hayaƙin girki idan mun koma gida.

Kan magani ta ce farasitamol ɗin da aka rubuta mini don ciwon aiki shi zai taimaki maƙogwaron, kada in ƙara wani a kai, domin babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24, kuma maganin mura da yawa akwai shi a ciki. Ibuprofen da diclofenac kuwa sai na tambayi likita.

Ranar sallama ta rubuta mini a takarda abin da zai sa in dawo ba tare da jiran ranar ganin likita ba: numfashi ya yi wuya ko yana ƙara, yawu ya ƙi haɗiyuwa, tarin jini, zazzaɓi, ko kumburin wuya. Haka nan idan ciwon ya wuce mako yana ƙaruwa, ko murya ta kai mako 2 a dishe. Nawa bai kai ko'ina ba, kafin mako ya zagayo ina cin tuwona.

Sista, Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a. Ga masu asibitocin da ke ganin tambayar majinyaci raini ce kuwa, ku sani mutum ya sa hannu a takarda bai san za a zura masa abu a maƙogwaro ba, wannan ba neman yarda ba ne. Ana karɓar kuɗinmu kafin a taɓa mu, don haka a riƙa gaya mana abin da za a yi da jikinmu.

Wassalam,
Wata majinyaciya daga Kano