Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Tattara Haraji ta jiharmu

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan kasuwa ne mai ƙaramin shago, kuma ni ke riƙe wa ƙungiyar layinmu littafi. Ba zan ci maka lokaci ba.

Ka san alkawarin da aka yi mana a taron 'yan kasuwa, kai kanka kana wurin. An ce babu jami'in da zai sake shigo mana ba tare da takardar sanarwa ba, kuma za a buga mana takarda da Hausa mai bayanin abin da za mu tanada kafin ya zo. Mun tafa, an raba ruwan leda, an watse. Jami'ai dai suna zuwa, amma takardar har yau ba ta iso ba. Wataƙila tana kan hanya, ka san hanyoyin namu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami maƙwabcina, dattijo mai sayar da kayan masarufi, shinkafa da taliya da suga da man girki. Jami'ai biyu suka shigo masa da hantsi. Ɗaya ya tsaya yana ƙidaya katan-katan da ido, ɗaya ya zauna a kan benci ya ce, "Alhaji, kamar nawa kake ciniki a rana?" Shi kuwa Alhaji, da yake jiyan ranar an yi kasuwa kuma ba ya son a raina shi, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mukan yi dubu ɗari da hamsin." Maganar da aka yi ke nan gaba ɗaya. Babu wanda ya tambaye shi nawa yake saro kayan, ko nawa ne kuɗin hayarsa.

Bayan kwanaki aka kawo masa takardar ƙiyasi, haraji naira 1,410,000. Da muka bi lissafin sai muka gano hanyar da aka bi. An ɗauki 150,000 an ninka da kwana 300, aka sami miliyan 45 a matsayin cinikin shekara. Sai aka ce kashi 20 cikin ɗari riba ce, watau miliyan 9. Yallaɓai, wanda duk ya taɓa sayar da buhun suga ya san babu wannan riba a ciki. Da akwai ta, da rabin ma'aikatanka sun ajiye aiki sun buɗe shago.

Ka fi ni sanin dokar. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun ce naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kai. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18. Mai shago irin Alhaji kuwa, wanda ba kamfani ya yi wa rajista ba, kuɗin shigarsa ita ce ribarsa, ba duk abin da ya shiga aljihun tebur ba. Ciniki daban, riba daban. Wannan ce kalma ɗaya da ya kamata a ce kun gaya mana, ba ku faɗa ba.

Allah ya taimake shi, ɗansa yana rubuta ciniki a littafin makaranta mai shafi tamanin, kowane wata sabo. Muka kwana uku muna haɗawa. Cinikin shekara ya kama miliyan 30, domin akwai damina, akwai ranakun da ƙuda kaɗai ke shigowa. Kuɗin sarin kayan da aka sayar miliyan 26.4 ne, bayan mun ware abin da ya rage a kanta ba a sayar ba. Saura miliyan 3.6. Daga ciki hayar shago ta ci 400,000, albashin yaron shago 480,000, wuta da man janareta 300,000, kuɗin mota da 'yan dako 220,000. Abin da ya rage masa miliyan 2.2. A cire 800,000, a ɗauki kashi 15 na miliyan 1.4 da ya saura, harajinsa 210,000 ne. Tsakanin wannan da abin da aka rubuta masa akwai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma tambaya ɗaya a kan benci ce ta haifar da su.

Sai kuma maganar kwana 30. Doka ta ba wanda aka yi wa ƙiyasi kwana 30 ya rubuta cewa bai yarda ba, ya kawo dalilansa. In ya wuce, ƙiyasin ya zauna masa, ko da kuskure ne. Alhaji bai sani ba. Ya ninke takardar ya cusa ƙarƙashin sikeli, yana jiran su dawo ya roƙe su da baki. Saura kwana shida na gani. Muka rubuta, muka haɗa hoton littattafan da rasit, muka kai ofis, muka tsaya har aka buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinmu. Wanda ya miƙa masa takardar me zai rage shi da shi in ya ce, "Baba, kana da wata guda in ba ka yarda ba"?

Tun da takardarku ba ta zo ba, mun yi tamu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke gaya wa juna a layi, ka duba, in da kuskure ka gyara mana.

Mun ce kowa ya sami jaka ɗaya ya ajiye a shago, ba a gida ba, don kar a ce "sai yaro ya je ya ɗauko". A ciki akwai lambar harajinsa da lambar NIN, da takardar rajistar sunan kasuwanci in ya yi, da yarjejeniyar haya da rasit ɗinta, da rasit na duk wani haraji ko lasisi da ya biya, shekara bayan shekara, har shekara shida baya. Rasit ɗin injin POS kan goge cikin 'yan watanni ya koma farar takarda, saboda haka a yi masa hoto tun yana sabo. Sai littattafai biyu, na ciniki da na kashe kuɗi, a rubuta kullum kafin a rufe shago. Sai takardun sari daga dila. Waɗannan su ne suka fi komai, domin su ke nuna cewa kayan da suka cika kanta yawancinsu bashi ne, ba dukiyar mai shago ba. Jami'i ya ga katan ɗari biyu na taliya sai ya ga attajiri, alhali dila ne zai zo ranar Asabar ya karɓi kuɗinsa.

Abin da ya fi ba mu wahala a lissafin Alhaji shi ne asusun banki. Asusu ɗaya yake da shi. A ciki kuɗin ciniki ke shiga, a ciki kuɗin adashin matarsa ke shiga, a ciki ƙaninsa ya turo kuɗin ginin gidan mahaifiyarsu. Wanda ya karanta bayanin asusun zai ɗauka duk ciniki ne. Sai da muka bi layi-layi da jan biro muna rubuta wannan na wane ne. Yanzu mun ce kowa ya raba, na shago daban, na gida daban.

Game da abin da za a faɗa, mun ce kar kowa ya sake ja ƙofa ya gudu don ya hango masu fayil. Wanda ya gudu a bayansa ake yi masa ƙiyasi. A amsa sallama, a ba shi wurin zama, sannan a ce, "Yallaɓai, daga wace hukuma? Mu ga katin shaida da takardar da aka turo ka da ita." A rubuta sunansa da ranar. A tambaye shi wane haraji yake nema, na wace shekara. Wannan tambaya tana da amfani, domin tun 1998 doka ta raba wa kowa nasa: harajin kuɗin shigar mutum da rajistar wurin kasuwanci na jiha ne, kuɗin shago da na allon talla na ƙaramar hukuma ne. In ya ce nawa kake ciniki, amsar ita ce, "Ga littafi, mu duba tare." Ba a faɗin adadi da ka, ba a kumbura shi don burga, ba a kuma rage shi, domin ƙarya in ta haɗu da bayanin banki sai ta ɓata har gaskiyar da ke wurinka. Ba a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. In zai tafi da littafi, ya rubuta cewa ya karɓa. Yaron shago kuwa maganarsa ɗaya ce, "Maigida ba ya nan, ga lambarsa."

Sai ta ƙarshe, wadda ka sani na sani. Akwai lokacin da ake rage murya a ce, "Alhaji, kawo wani abu mu rufe maganar." Mun ce a amsa da ladabi, "A ba ni takardar biya, in je banki." Ban wanke namu ba, idan ɓera da sata daddawa ma da wari, akwai waɗanda su ke fara miƙa hannu. Amma kuɗin da aka bayar a hannu ba ya cikin lissafinku, baɗi kuma bashin yana nan da tara a kansa. Na ga wanda ya biya haka shekara uku, ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji aka ce sunansa ma babu.

Akwai maganar masu sa kwaɗo a ƙofa ba tare da sun nuna takardar izini ba, da masu rigunan da ba mu san na wace hukuma ba ne. Waɗannan sai wani jiƙon.

Ranka ya daɗe, don Allah, shafi ɗaya muke roƙo. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a bakin kowace kasuwa, a karanta a rediyo: abin da jami'i zai nuna, abin da mai shago zai nuna, yadda ake fitar da riba, da kwana 30 ɗin nan da manyan baƙaƙe. A kuma hana jami'anka tambayar "nawa kake ciniki a rana" kafin su nemi littafi. Alhaji ya yarda da 210,000 ɗinsa, ya ware su. Takardar ƙin amincewarsa tana ofishinku da hatiminku a kai, amsa yake jira.

Naka,
Mai riƙe da littafin ƙungiyar layinmu